Wanke fankar sama da matatar kilim idan ƙura da maiƙo sun daskare: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ke zaune a Garwa, Marwa, Kusuri ko Njamena ya san yadda kayan ɗaki ke komawa bayan hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura mai laushi kamar gari daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa da tsagar taga. Da zafin Maris da Afrilu ya kama, sai a kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke cewa kilim, a ji iska ta ragu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi wa masu gyara a irin wannan lokaci.

Me ya sa dauɗar fankata take danƙo, goge-goge ba ya fitar da ita?

Dauɗa iri biyu ce, kuma kowace da maganinta. Ta farko busasshiyar ƙura ce, wadda ke kwanciya a bayan fiffike da gefensa na gaba, wato gefen da ke yanka iska. Wannan da tsumma busasshe take fita. Ta biyu ita ce ƙurar da ta haɗu da maiƙo. Idan ana soya ƙosai, kifi ko nama, man yana tashi cikin tururi a ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, fanka ta ja shi, ya manne a jikin fiffike. Ƙura ta sauka a kansa, wani man ya sake hawa, haka ake jerawa hawa-hawa. Bayan watanni man yana haɗuwa da iska da zafi ya sandare, ya koma kamar ƙaro, launinsa ruwan ƙasa mai duhu. Hayaƙin itace, gawayi, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk suna ƙara masa baƙi.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka kashe fankar, ka shafa yatsa a bayan fiffike. Idan yatsan ya fito da gari ya bar fenti a fili, ƙura ce kawai. Idan ya manne, dauɗar ta nannaɗe kamar ƙullin fulawa, to maiƙo ne. Ruwa zalla ba ya narka shi, ƙarfin hannu ma ba ya fitar da shi, sai dai ya lanƙwasa fiffiken. Abin da yake so shi ne sabulu, ruwan ɗumi da ɗan lokaci.

Da me zan fara kafin in hau?

Da kashe wuta, kuma daga babban makunnin da ke kusa da mita. Wutarmu bolt 220 ce, kuma a gidaje da yawa mai haɗa waya ya ɗora makunnin bango a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta, ta yadda fanka za ta tsaya amma wutar tana nan a cikin kanta. Kada kuma ka ce ai an ɗauke wuta, bari in yi sauri. Ba wanda ya san lokacin da za a dawo da ita, kuma fankar da aka bari a kunne za ta tashi hannunka na tsakanin fikafikai.

Ka samu tsani mai ƙafa huɗu, ko teburi mai ƙarfi da wani zai riƙe maka. Kujerar roba a kan teburi ta karya mutane da yawa. Ka shimfiɗa tsohon zane ko leda a ƙasa, ka rufe gado da abinci, ka ɗaure hanci da takunkumi ko rawani. Mai asma ko mai tari ya fita daga ɗakin har a gama.

Ruwa zan fara sawa ko sharewa?

Sharewa, kullum. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: a jiƙa tsumma a ɗora kan ƙura mai kauri, sai ta koma laka, ta shiga ramukan noti da tsagar inji, aiki ya ninka. A fara cire duk abin da zai fita a bushe.

Tsohuwar rigar filo ta fi komai dacewa. Ka zura fiffike ɗaya a cikinta har gindi, ka matse da tafin hannu sama da ƙasa, ka jawo a hankali. Ƙurar za ta zube a cikin rigar maimakon kanka. Ɗaya hannun ya tallafi fiffiken daga ƙasa kusa da inji, don kada nauyin jan ya sauka a kan ƙarfen da ya riƙe shi. Bayan kowane fiffike a fita waje a kakkaɓe. Kan injin da murfin sama kuma a bi su da busasshen buroshin fenti.

Yaya ake haɗa ruwan wankin, kuma nawa ake sawa?

A bokiti mai lita 5 na ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki ba tare da ƙuna ba, wato wajen digiri 40, a zuba babban cokali 2 na sabulun ruwa na wanke kwanuka. An yi shi ne domin narka maiƙo, kuma ba ya cin fenti. Idan babu shi, babban cokali 1 na garin sabulun wanki zai yi, amma a dama shi ya narke sarai kuma a ɗauraye sosai, domin yana barin farin shafi. Idan maiƙon ya yi kauri a ƙara babban cokali 2 na bakin soda, irin wanda ake sa wa kek.

Yawan sabulu ba ya ƙara tsabta. Abin da ya rage a jikin fiffike bayan ya bushe yana zama danƙo, sabuwar ƙura ta kama shi tun a makon farko.

Sai na kwance fikafikan, ko zan iya wankewa a sama?

Idan maiƙon bai wuce shafi-shafi ba, a sama ma ya isa. Ka tsoma tsumma a ruwan sabulu, ka matse har ya daina ɗiga, ka shimfiɗa shi a kan fiffike ka bar shi minti 5. Kafin ka zagayo na uku, na farko ya yi laushi. Ka goge daga gindi zuwa baki, ka bi da tsumman ruwa zalla, sannan busasshe. Ruwa kada ya gangara wajen inji.

Idan ya daskare, kwancewa ta fi sauƙi kuma ta fi tsaro, domin duk gurzar da za a yi a sama tana lanƙwasa ƙarfe. Kowane fiffike yana riƙe da noti biyu ko uku, da washa, wato ƙaramin zoben ƙarfe da ke ƙarƙashin noti, wani lokaci da ɗan kwali ko roba a tsakani. Kafin ka kwance, ka rubuta 1, 2, 3 da fensir a gindin kowanne da kuma mazauninsa a jikin inji. Ka zuba notin a kofi, kada ka yar da kwalin nan, shi ke hana ƙara. Idan fanka biyu kake wankewa kada ka gauraya fikafikansu ko da kamfaninsu ɗaya, domin a masana'anta ake auna nauyin kowane saiti a haɗa shi.

Ka kwantar da su a kan tabarma ko faffaɗan benci, ka rufe su da jiƙaƙƙen tsumma minti 15 zuwa 20, kana yayyafa ruwan sabulu idan ya fara bushewa. Daga nan soso mai laushi zai kwashe yawancin dauɗar. Inda ta ƙi, ka kwaɓa bakin soda kashi 3 da ruwa kashi 1, ka shafa, ka jira minti 10, ka murza a hankali. Gefen tsohon katin roba yana kankare mai kauri ba tare da ya ji wa fenti rauni ba. Akwai kuma dabarar da mutane ke mamaki: ɗigo kaɗan na man girki a tsumma yana sassauta tsohon man da ya sandare, sai a bi da sabulu a wanke duka biyun.

Fikafikan ƙarfe suna jure ruwa muddin an shanya su nan take, musamman ramukan noti inda tsatsa ke farawa. Na katako ko na matsattsen garin katako ba a jiƙa su ko kaɗan, suna kumbura su karkace, kuma ba sa komawa daidai.

Injin fankar fa? Zan iya wanke shi, ko in zuba masa mai?

Bayansa kawai ake gogewa, da tsumma matsattse. Kada a fesa masa komai. A ciki akwai koyil na waya mai siririn rufi, akwai boris biyu, kuma a ƙarƙashin murfin ƙasa akwai kwandensa, wadda ke taimaka wa injin tashi da juyawa. Ruwan sabulu idan ya shiga boris yana wanke girisinsa, bayan 'yan makonni a fara jin gurnani. Yawancin fankokin da ke kasuwa borisinsu rufaffe ne, man da aka ɗiga daga waje ba ya isa ciki, sai dai ya tara ƙura. Man gyaɗa kuwa, da wasu ke ɗigawa, shi ne ainihin danƙon da ake ƙoƙarin cirewa. Boris mai ƙara canza shi ake yi.

Tunda ka riga ka hau, ka sauke murfin sama ka duba notin da ya riƙe sandar fanka a ƙugiya, da fil, wato ɗan siririn ƙarfen da ke hana notin kwancewa. Idan babu fil ɗin, ko robar da ke ƙugiyar ta tsage, a gyara kafin a sake kunnawa.

Na wanke, yanzu kuma fankar tana rawa. Me ya faru?

Ɗaya daga abu uku ne. Ko an bar noti bai ɗauru ba, ko an wanke wani fiffike an bar dauɗa a wani, ko an lanƙwasa ɗaya. Ka fara da noti: a ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, har su yi daidai. Idan rawar ba ta daina ba, ka ɗauki sanda ka tokare ta a silin, ka yi alama daidai bakin fiffike na farko. Ka juyo na biyu da na uku zuwa wuri ɗaya ba tare da ka motsa sandar ba. Idan wani ya sauka ko ya hau da kusan rabin santimita, shi ne mai laifin. Wani lokaci sake zaunar da shi da washa yana gyarawa. Idan ƙarfen gindinsa ne ya karkace, a kwance shi a daidaita a ƙasa, ana gwada shi da ɗan'uwansa. Kada a ja shi da hannu yana rataye.

Fankar ta yi fes amma har yanzu ba ta gudu. Wankin bai yi ba ne?

Wanki yana ƙara iska, domin dauɗa tana ɓata siffar gefen fiffike, amma ba ya gyara wuta. Ka kashe makunni ka tura fiffike da yatsa. Idan ya yi ta zagayawa shiru kafin ya tsaya, boris lafiya lau. Idan a hakan fankar tana tafiyar hawainiya a lamba mafi ƙarfi, ko sai an tura ta take tashi, galibi kwandensa ce ta mutu. Zafi yana gajiyar da ita. Ƙaramar aba ce mai araha, ƙarfinta a rubuce yake a jikinta, a yawancin fankoki wajen 2.5 µF, kuma a sa mai lamba ɗaya da tsohuwar. Mafi girma tana sa gudu na ɗan lokaci, sannan ta zafafa koyil. Idan kwandensa sabuwa ce, a duba abin rage gudu na bango da ƙarfin wutar unguwa.

To kilim fa, ina matatar take, yaya ake ciro ta?

A kilim mai rabi biyu, wanda ɗaya ke manne a bango ɗaya kuma yana waje, ka kashe da rimot, ka kashe makunninsa na bango. Ka sa yatsu a lungunan da ke gefe biyu na murfin gaba, ka ɗaga har ya tsaya da kansa. Za ka ga raga biyu masu firam na roba, sun lanƙwasa sun bi bayan na'urar. Kowace tana da ɗan harshe a ƙasa: ka ɗan tura sama ya fita daga maƙalinsa, sannan ka jawo ƙasa. Ka riƙe ta a kwance, ɓangaren ƙura yana sama, har ka fita waje. A kilim na taga raga ɗaya ce, ana zaro ta daga gefe ko bayan an buɗe fuskar gaba.

Wasu na'urori suna da ƙananan falle masu launi, baƙi ko kore, maƙale a jikin ragar. Na kama wari ne. A cire su kafin wanki, domin yawancinsu ruwa yana lalata su. Kakkaɓewa ake yi, in sun tsufa a canza.

Yaya ake wanke ragar idan ta toshe har ba a ganin haske ta cikinta?

Nan ma a bushe ake farawa. A bubbuga firam ɗin a hankali a tafin hannu, a share da buroshi mai laushi. Ƙurar da ba ta da maiƙo takan ɓantaro kamar bargo.

Sannan a juya ragar, a zuba ruwa daga bayanta, wato ɓangaren da ke fuskantar cikin na'ura. Dauɗa daga gaba ta shigo, don haka ta gaba ya kamata ta fita. Wanda ya zuba daga gaba yana ƙara cusa ta ne cikin idon raga. Buta ko tiyo marar ƙarfi ya isa.

Idan akwai maiƙo, ruwan zai riƙa zamewa a kai, ragar tana nan da launin shayi. Sai a kwantar da ita a baho mai faɗi, a cikin haɗin nan na lita 5 da sabulu cokali 2, ruwan ya rufe ta, minti 15 zuwa 20. A girgiza ta a cikin ruwan, a bi da tsohon buroshin haƙori a kusurwoyi da gefen firam, ragar tana kwance a ƙasan baho don kada ta ɓalle daga roba. Idan ruwan ya yi baƙi a zubar a sake sabo. Jiƙo biyu a ruwan ɗumi ya fi gurza ɗaya mai ƙarfi. A ɗauraye har kumfa ta ƙare, a ɗaga ta ga haske. Ya kamata a ga kowane ido a buɗe.

Ruwan kada ya wuce digiri 40. Ragar zaren roba ce, ruwan zafi yana sa ta tattare, firam ya murɗe, ta ƙi zama a mazauninta. Ragar da ta bar tsaga a gefe ba ta da amfani, domin iska tana bin hanya mai sauƙi ne, da ƙurarta.

Zan iya shanya ta a rana don ta yi saurin bushewa?

A'a, a inuwa. Ranar Afrilu a nan tana murɗe roba kuma tana sa ta gautsi. A yarfe ruwan, a jingine ta a tsaye inda iska ke bi. A rani ba ta kai awa ɗaya, a damina a ba ta awa biyu ko uku. Kada a mayar da ita da danshi, ƙura za ta manne nan take kuma wari ya biyo baya. Kada kuma a kunna kilim babu raga ana jiran ta bushe.

Kanwa, ruwan toka, jabel ko kananzir ba za su fi saurin cire maiƙo ba?

Kanwa da ruwan toka suna cin maiƙo, gaskiya ne, shi ya sa ake wanke tukwane da su. Amma suna dusashe fenti kuma suna cin alminiyam, wanda da shi aka yi siraran faranti na cikin kilim da fikafikan wasu fankoki. Sodar da ake dafa sabulu da ita ta fi su ɓarna, tana ƙona hannu da ido ma. Jabel tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta narka mai, tana sa ƙarfe tsatsa. Kada a taɓa haɗa jabel da ruwan kal, ruwan lemon tsami ko wani maganin wanki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Fetur da kananzir suna ɓata roba, warinsu ya zauna a ɗaki, ga haɗarin gobara kusa da wuta. Soson ƙarfe yana kankare fenti, kuma fenti mai kaushi ya fi santsi kama dauɗa.

Ku ba mu misali daga farko har ƙarshe.

A ɗauki ɗakin cin abinci a Garwa, mita 4 da mita 5, ƙofarsa tana buɗewa zuwa inda ake suya. Akwai fanka ɗaya mai fiffike uku na ƙarfe, da kilim mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Tun kafin hunturu ba a taɓa su ba, yanzu ga Maris. Ƙorafin mai wurin: kilim yana aiki yini guda ɗakin bai yi sanyi ba, can da rana ruwa yana ɗiga a bango, wani ya ce masa gas ne ya ƙare.

Kafin a taɓa komai sai a auna. A kunna na'urar minti 15, a riƙe ma'aunin zafi a saman ta inda take shan iska, sannan a bakin da take fitarwa. Lafiyayyen kilim yakan nuna bambancin digiri 8 zuwa 12, da iska mai ƙarfi da za ta ɗaga fallen takarda daga nesa. A wannan ɗakin iskar tana da sanyi ƙwarai a bakin na'ura amma ba ta da ƙarfi, taku biyu baya ba a jin ta. Wannan alamar toshewa ce. Ƙarancin gas yakan zo da akasin haka: iska mai yawa amma ba sanyi.

An ɗaga murfi, raga ta zama kamar buhu, kuma a bayanta ƙanƙara ta kama farantan alminiyam. Dalili shi ne iskar ɗaki mai ɗumi ba ta isa farantan yadda ya kamata, sai sanyinsu ya sauka ƙasa da sifili, danshin da ke kansu ya daskare, ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya. Idan ta narke lokaci ɗaya sai ta fi ƙarfin tiren da ke tara ruwa, ta zubo a bango.

Sai a kashe, a sa tawul da bokiti a ƙasa, a bar ƙanƙarar ta narke da kanta, ba a ɓantararta da wuƙa ko sukundireba, domin bututun tagulla da gas ke bi siriri ne. A wannan lokacin raga tana jiƙo na farko, an kwance fikafikan fanka an rufe su da jiƙaƙƙen tsumma. Raga ta sha jiƙo biyu, fikafikai sun buƙaci kwaɓin bakin soda a gefen gaba. Kafin raga ta bushe an mayar da fikafikai, an auna bakinsu da sanda. An share farantan kilim da busasshen buroshi mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. An tsiyaya ruwa rabin lita a hankali cikin tiren, wani ya tsaya a waje ya ga ya fito ta tiyo. An mayar da raga, an kunna a matsayin iska kawai na minti 30, sannan sanyi. Duka aikin wajen awa biyu da rabi. Idan bayan haka iska ta dawo da ƙarfi, bambancin zafi ya shiga tsakanin 8 da 12, kuma ƙanƙara ba ta dawo ba, to babu ruwan gas a maganar. Idan ta dawo alhali raga da farantai suna da tsabta, lokacin ne ake kiran mai gyara ya auna gas ya nemo inda yake yoyo. Gas ba ya ƙarewa don amfani, in ya ragu akwai huda.

Na wanke raga amma iska ba ta ƙaru ba. Sai me?

Ragar kilim tana tare gashi, zare da ƙura mai kauri ne. Ƙurar hazo ta fi idonta ƙanƙanta, tana wucewa ta zauna a farantai da kuma doguwar fankar ciki mai kama da gora, wadda ake hangowa ta bakin fitar iska. Ka kashe wuta ka haska tocila a wurin. Idan ƙananan haƙoranta sun cika da baƙar dauɗa, ba za ta iya ɗebo iska ba, kuma takan tofo baƙin gari a kan gado. Abin da hannu ya kai za a iya gogewa da tsumma a kan siririn tsinke, amma wankin gaske na mai gyara ne: ya rufe allon lantarki da ke gefen dama da leda, ya rataya jakar tarar ruwa, ya fesa maganin da aka yi domin alminiyam, ya ɗauraye. A wurinmu sau ɗaya a shekara shi ne mafi ƙaranci, wurin da ake girki kuwa sau biyu.

Farantan suna da kaifi kamar reza kuma suna lanƙwashewa da taɓawa kaɗan. Kullum a bi tsawonsu, kada a gitta.

Me ya sa kilim ke fara zubar da ruwa da farkon damina?

A rani iskarmu a bushe take, na'urar ba ta tara ruwa sosai, ƙurar da ta faɗa tire da tiyo tana zaune a bushe. Da danshi ya shigo a Mayu ko Yuni, kilim mai doki ɗaya da rabi zai iya fitar da lita guda a awa, ƙurar ta koma laka ta toshe tiyo. Zanzaro ma yakan gina ɗakinsa a bakin tiyon daga waje. Kafin ruwan farko a yi gwajin rabin lita da aka ambata a sama. In bai fita ba, a duba bakin tiyon, a tabbata bai lanƙwashe ba, bai hau sama ba, kuma ba a nutse yake a cikin bokiti ba.

Rabin da ke waje ma ana wanke shi?

Ana wankewa, kuma shi ne ya fi shan ƙura tunda ba shi da raga. Aikinsa fitar da zafin ɗaki. Idan farantansa sun toshe ranar da zafi ya haura digiri 40, kwampireso, wato injin da ke tura gas, yana zafi ya yanke da kansa, a ji fankar ciki tana busa iska marar sanyi, bayan ɗan lokaci ya sake tashi. A kashe wuta, a share bayansa da gefensa da buroshi, a zuba ruwa da tiyo marar ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, nesa da murfin da wayoyi suka shiga. Injin wankin mota yana kwantar da farantan gaba ɗaya. Kada a buɗe murfin wayoyi, kwandensar da ke ciki tana riƙe wuta ko bayan an kashe. A bar shi ya bushe awa ɗaya, a kau da kwali, buhu ko ciyawa da ke jingine da shi.

Sau nawa ya kamata a riƙa yi?

Ragar kilim duk mako biyu idan ana amfani da shi kullum, lokacin hazo kuwa duk mako. Idan ba a bari ta yi kauri ba, minti biyar ne da buta. Fanka a bi ta da rigar filo duk mako biyu a hunturu, wankin sabulu duk wata uku, ta ɗakin girki ko wurin sayar da abinci duk wata, tun man bai sandare ba. Babban wanki ya fi dacewa a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, ƙura ta fara lafawa, zafi bai kai ƙarshe ba.

Akwai abin da zai rage saurin dawowar maiƙon?

A kashe fanka da kilim lokacin suya, a rufe ƙofar da ke tsakanin ɗakin girki da falo, a buɗe tagar ɗakin girkin. Hayaƙin turaren wuta ya lafa kafin a kunna kilim. Kada a shafa wa fikafikai mai ko man goge katako don su yi ƙyalli. Tsumma a nannaɗe a ƙarƙashin ƙofa yana tare ƙura da yawa a daren hazo. Wasu suna ɗora yadi ko soso a kan ragar kilim don ta ƙara tacewa, amma hakan yana shaƙe na'urar kamar yadda dauɗa ke yi, ƙanƙara ta dawo. Idan za a bar kilim ba aiki daga Disamba zuwa Janairu, a wanke raga, a kunna iska kawai na awa ɗaya cikinsa ya bushe, a kashe makunni, sannan a rufe shi da zane, na ciki da na waje, a kuma tuna a yaye na wajen kafin a sake kunnawa.